Daga Hira Zuwa Jigo: Yadda Mai Bincike Ke Gina Ma'ana Daga Maganar Mutane

Ranar da ɗalibi ya gama hirarsa ta ƙarshe ya kashe rikoda, yakan ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Bayan mako uku kuwa, idan ya zauna gaban tulin takardun da ya rubuce maganar mutane a kansu, sai ya tarar kayan na gaba sun fi na baya nauyi. Ga kukan wata, ga dariyar wata, ga wadda aka tambaye ta abu ɗaya ta ɗauko labarin aurenta tun daga farko. Duk wannan ana so ya koma babi ɗaya na kundin digiri, mai kai da ƙafa, wanda zai amsa tambayar da aka fita nema.

Hanyar da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam suka fi bi wajen wannan aiki ita ce nazarin jigo. Kalmar jigo ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi adabin Hausa a makaranta, inda ake tambayar jigon waƙa ko na labari, wato saƙon da ya ratsa aikin tun daga farko har ƙarshe. A nan ma haka ne, sai dai mawaƙi ɗaya ne ke tsara waƙarsa da niyya, hira kuwa maganar mutane da yawa ce waɗanda ba su san juna ba, kuma babu wanda ya zauna ya shirya musu saƙo. Mai bincike ne zai gano abin da ya haɗa su, ya kuma nuna hujjarsa.

An daɗe ana yin irin wannan nazari ba tare da tsayayyen tsari ba. Richard Boyatzis ya rubuta littafi a kansa a 1998, amma abin da ya yaɗa shi cikin jami'o'in duniya shi ne wata maƙala da mata biyu masana halayyar ɗan Adam suka buga a 2006: Virginia Braun ta Jami'ar Auckland a New Zealand, da Victoria Clarke da ke koyarwa a Bristol ta Ingila. Sun kasa aikin mataki 6: sabawa da bayanan, sanya laƙabi, haɗa jigogin gwaji, sake duba su, fayyace kowane jigo da raɗa masa suna, sai rubutawa. Sun kuma yi gargaɗi tun a lokacin cewa matakan ba matakalar bene ba ce da ake hawa sau ɗaya. Ana gaba ana dawowa baya, kuma dawowar na cikin aikin.

Jerin matakai ba ya koya wa kowa komai sai an ga hannu a cikin aiki. Don haka ga misali, wanda aka tsara shi musamman saboda wannan bayani, da mutanensa da maganganunsu da alƙalumansa duka. A ɗauka wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a Kano, tana son sanin yadda matan da ke jinyar uwa ko suruka mai shanyewar ɓarin jiki a gida suke fahimtar wannan ɗawainiya. Ta yi hira da mata 8, biyar 'ya'yan marasa lafiyar, uku matan 'ya'yansu. Kowace hira ta kai kusan sa'a guda. Adadin bai yi kaɗan ba: Braun da Clarke a littafinsu na 2013 sun ba da shawarar hira 6 zuwa 10 ga ƙaramin bincike irin wannan.

Aikin farko shi ne juyar da murya zuwa rubutu, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. Hirar sa'a ɗaya takan ci sa'a huɗu zuwa takwas kafin a rubuce ta kalma da kalma. Ɗalibar ta yi da hannunta, ba ta ba wa mai shagon buga takardu ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya amana ce: matan sun faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa mazajensu ba. Na biyu kuwa, wanda ya saurari murya sau uku yana rubutawa ya riga ya fara nazari. Ita ce ta san inda mace ta yi shiru na tsawon lokaci kafin ta ce "ba komai", ta kuma sa alamar shirun a takarda, domin "ba komai" da aka faɗa da sauri daban yake da wanda aka faɗa bayan ajiyar zuciya. Ta bar hirar cikin Hausarta. Fassara zuwa Turanci sai a ƙarshe, kuma ga guntayen da za su shiga kundi kaɗai. Dalilin hakan zai bayyana nan gaba.

Da ta gama ta samu shafi 140. Ta karanta su duka sau biyu ba ta sa wa komai suna ba, sai ɗan littafi a gefe tana rubuta abin da ya tsaya mata a rai. Ɗaya daga cikin abin da ta rubuta shi ne: kusan kowace mace sai ta yabi 'yan'uwanta maza kafin ta yi ƙorafi a kansu.

Daga nan sai sanya laƙabi, abin da masu bincike ke kira kod. Laƙabi gajeren suna ne da ake liƙa wa guntun magana don a kama abin da ke cikinsa mai alaƙa da tambayar bincike. Ga abin da mace ta uku ta ce, wadda take jinyar mahaifiyarta:

"Wallahi 'yar nan, tun asuba nake tsaye. Ni ce wanka, ni ce juya ta, ni ce ba ta abinci a baki. Yayyena maza suna turo kuɗi, ba za a ce ba sa yi ba, Allah ya saka musu. Amma in sun zo sai su tsaya daga bakin ƙofa, 'Hajiya ya jiki?', shi ke nan sun tafi. To ai uwa ce. Wa zan gaya wa na gaji? Sai dai haƙuri."

A zagayen farko ɗalibar ta rubuta kalma uku a gefen wannan magana: "aiki", "iyali", "haƙuri". Kusan kowane sabon hannu haka yake farawa, kuma laƙuban nan uku ba su da amfani. Gwajin mai sauƙi ne. A rufe takardar hirar, a karanta laƙabin shi kaɗai, a ga ko ya faɗi wani abu. "Iyali" bai faɗi komai ba. Zai iya hawa kan maganar wadda danginta suka tsaya mata, ya kuma hau kan ta wadda suka watsar da ita, sai a wayi gari da guntayen magana hamsin ƙarƙashin suna ɗaya, ba a san wanne ke cewa me ba.

Da ta koma a karo na biyu, maganar nan ta layi biyar ta ɗauki laƙabi biyar. "Duk aikin jiki a kanta" ya kama jimlolin farko. "Maza kuɗi, mata hannu" ya kama rabon aikin gidan. "Wanke ɗan'uwa kafin a soke shi" ya kama wancan "ba za a ce ba sa yi ba". "Ba wanda za a gaya wa gajiya" ya kama tambayarta. Na ƙarshe shi ne "haƙuri don rufe zance". Guntun magana ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi fiye da ɗaya, wani wurin kuma, kamar inda aka tashi kawo wa baƙuwa ruwa, ba ya buƙatar ko ɗaya.

Waɗannan laƙuba ba zurfinsu ɗaya ba. "Duk aikin jiki a kanta" abu ne da matar ta faɗa da bakinta, ma'ana ce ta fili. "Wanke ɗan'uwa kafin a soke shi" kuwa ba ta faɗe shi ba. Ɗalibar ce ta lura da yadda aka gina maganar, ta karanto wata ƙa'ida da ke ƙarƙashinta, wato mace ba ta kuka da yayanta gaban baƙuwa sai ta fara biyan haƙƙinsa na yabo. Braun da Clarke sun bambanta waɗannan biyu, na fili da na ƙarƙashi, kuma duka halal ne a aikin. Sharaɗin na ƙarƙashi shi ne a iya nuna kalmomin da aka dogara da su, domin nan ne mai bincike yake iya zamewa ya cusa wa mutane abin da ke ransa.

Kalmar haƙuri ita ta fi ba ɗalibar aiki, ita ce kuma ta nuna amfanin barin hirar cikin Hausa. Ta fito a hirarraki 8 duka, wani lokaci sau goma a hira ɗaya. Da an fassara tun farko, da kalma ɗaya ta Turanci ta shafe ta ko'ina, an ce matan suna da juriya, an wuce. Amma da aka jera wuraren da ta fito gefe da gefe, sai ta rabu uku. Akwai haƙurin da mace ke faɗa fuskarta a sake, tana maganar lada da albarkar iyaye, wanda a wurinta ibada ne kuma ƙarfi take samu daga gare shi. Akwai wanda take faɗa a ƙarshen ƙorafi, kamar mace ta uku, don ta nuna an zo iyakar abin da za ta iya furtawa. Akwai kuma wanda ba ita ke faɗa ba, 'yan dubiya ne ke ce mata "sai haƙuri" suna saka takalmi, ita kuma tana jin sa kamar an ce kada ta nemi taimako. Kalma ɗaya ta zama laƙabi uku, kuma daga baya ba jigo ɗaya suka shiga ba.

Aikin ya ci gaba hira bayan hira. A ta biyar ta ƙirƙiro wani laƙabi, "kunyar ganin jikin uwa", sai ta tuna ta ga irinsa a ta farko da ta biyu ba ta sa masa suna ba, dole ta koma. Shi ya sa ake zagaya bayanan aƙalla sau biyu, a karo na biyun ma yana da kyau a fara daga hirar ƙarshe, don kada ta farko ta mallake idon mai karatu. Kayan aikinta ba su wuce jadawali a Excel ba: layi ɗaya guntun magana, na biyu lambar mai maganar da shafi, na uku laƙabi. Akwai manhajoji da aka yi don wannan, irin su NVivo da ATLAS.ti da MAXQDA, suna sauƙaƙa ajiya da nema idan hirarraki sun yi yawa. Ga hira 8, jadawali ko biro mai launi ya wadatar, kuma ko da manhaja, mutum ne zai yanke cewa haƙurin nan uku ne.

Ta ƙare da laƙabi 112. Bayan ta haɗe waɗanda suke abu ɗaya da suna biyu, suka koma 87. Ta rubuta kowanne a guntun takarda, ta baza su kan tabarma, ta fara tara masu kama da juna.

A nan ne mafi yawan kundaye suke lalacewa, kuma nata ma ya kusa. Tarin da ta fara yi guda biyar ne: "Matsalar kuɗi", "Dangantaka da 'yan'uwa", "Addini", "Lafiyar mai jinya", "Asibiti da maganin gargajiya". Sun yi kyau a ido. Ta kai wa malamin da ke duba aikinta, shi kuma ya nemi ta ɗauko takardar tambayoyin da ta yi wa matan, ya ajiye ta kusa da jerin. Tambaya ta biyu a kan kuɗi ce, ta uku a kan 'yan'uwa, ta huɗu a kan addini. "Malama," in ji shi, "tambayoyinki kika dawo mini da su. Me matan suka ce a kan addinin?" Ta ce, "Malam, wasu sun ce yana ƙarfafa su, wasu sun ce ana amfani da shi a rufe musu baki." Ya ce to wannan magana biyu ce, kuma kowace tana da dangi a wani tarin daban.

Abin da malamin ya nuna shi ne bambancin da Braun da Clarke suka yi shekaru suna nanatawa, tsakanin taƙaita batu da gina jigo. Batu kamar kwando ne da aka rubuta "addini" a jikinsa, duk abin da ya ambaci addini a jefa ciki, ko ya dace da na kusa da shi ko ya saɓa. Jigo kuwa yana da magana ɗaya a tsakiyarsa wadda duk abin da ke cikinsa yake komawa gare ta. Ana gane shi da cewa za a iya faɗarsa cikin cikakkiyar jimla da wani zai iya yarda ko ya musa. Ba wanda zai musa "addini". Amma idan aka ce matan nan suna gajiya kuma ba su da wurin da ya halatta su faɗi gajiyar, an yi da'awa, ana iya neman hujjarta.

Sai ta watse tarin ta sake. Wannan karon ta bar tambayar me laƙabi yake magana a kai, ta koma tambayar me yake cewa. "Ba wanda za a gaya wa gajiya" daga tarin lafiya, da "haƙuri don rufe zance" da "sai haƙurin 'yan dubiya" daga tarin addini, da "wanke ɗan'uwa kafin a soke shi" daga tarin 'yan'uwa, duk suka taru wuri ɗaya, domin abu ɗaya suke nunawa ta fuskoki daban. "Maza kuɗi, mata hannu" ya haɗu da laƙabin matar da ta bar sana'ar ɗinkinta ba wanda ya lissafa asarar, da na wadda ake yi wa ɗan'uwanta godiya a bainar jama'a saboda ya biya kuɗin asibiti. Tarin kuɗi da na 'yan'uwa suka narke suka fitar da wani abu sabo. Kyakkyawan jigo yakan ratsa tambayoyi da yawa, kuma wannan na cikin alamunsa.

Mutane kan rubuta a kundi cewa jigogi "sun fito" daga bayanan, kamar tsiro bayan ruwan sama. Braun da Clarke suna adawa da wannan furuci, kuma suna da gaskiya. Takardun nan 87 ba su motsa da kansu a kan tabarma ba. Wata ce ta ɗaga wannan ta ajiye kusa da wancan, da iliminta da tarbiyyarta da abin da ta taɓa gani. Wanda ya ce jigo fitowa ya yi ya ɓoye hannunsa, mai karatu kuma ba zai iya tuhumar hannun da bai gani ba. Wannan ne ya sa daga 2019 suka riƙa kiran hanyarsu da sunan da ke nuna cewa mai bincike yana waiwayar kansa. A misalin nan, ɗalibar ta taɓa jinyar kakarta, tana kuma da haushin kawunnanta tun lokacin. Ta rubuta hakan a littafinta na gefe, kuma duk inda ta ga laƙabinta ya yi wa maza zafi sai ta koma ta duba ko matar ce ta faɗa ko ita ce ta ji.

Jigogin gwaji sun zama huɗu, sai mataki na duba su, wanda yake da zagaye biyu. A na farko ana karanta duk guntayen da ke ƙarƙashin jigo ɗaya a jere, a ga ko sun riƙe juna, a kuma ga ko iyakar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa a fili take. A na biyu ana komawa cikakkun hirarrakin daga shafi na 1, jigogin na hannu, ana neman abin da zai ƙaryata su.

Ta kuwa samu. Mace ta bakwai, matar ɗa ce mai jinyar surukarta, ta ce: "Ni kam ƙanwata, duk Juma'a in na je gida sai na zazzage wa Innata komai. In ban faɗa ba zuciyata za ta fashe." Ga mace tana faɗar gajiyarta ba tare da shakka ba. Akwai jarabar a ture wannan magana gefe a ce ɗaya ce cikin takwas, kuma yin hakan ha'inci ne. Ɗalibar ta koma ta duba sauran matan 'ya'ya biyu, ta tarar su ma suna da inda suke kai kuka, wato gidan iyayensu, amma a gidan miji bakinsu a rufe yake. 'Ya'yan cikin su biyar kuwa ba su da wani gidan da za su je, domin wadda suka saba kai wa kuka ita ce a kwance. Jigon bai rushe ba, ya ƙara kaifi. Da farko yana cewa ba a faɗar gajiya. Yanzu yana cewa faɗarta ya dogara da matsayin mace a gidan, kuma 'yar cikin ita ce ta fi rasa wuri. Maganar da ta saɓa ce ta kawo wannan fahimta.

Jigo na huɗu, na kai-komo tsakanin asibiti da mai magani, bai tsira ba. Labaransa masu daɗin ji ne, amma a kan neman magani suke, tambayar binciken kuwa a kan yadda mai jinya take fahimtar ɗawainiyarta ce. Ta ajiye shi. Haƙurin ibada kuma bai tsaya jigo mai zaman kansa ba, ya shiga cikin na uku, inda ya fi yin ma'ana.

Kafin raɗa suna, ta rubuta wa kowane jigo sakin layi ɗaya: me yake cewa, ina ya tsaya, me ba ya ciki. Jigon da aka kasa rubuta masa wannan cikin jimla huɗu ko biyar bai nuna ba tukuna. Na ɗaya ta kira shi "Wa zan gaya wa na gaji?", da kalmomin mace ta uku. Na biyu "Ana ganin kuɗi, ba a ganin hannu", a kan yadda gudummawar maza take da lissafi da godiya, ta mata kuwa ake ɗaukarta kamar ba a yi komai ba. Na uku "Wadda ta goye ni nake yi wa wanka", a kan juyewar matsayi tsakanin uwa da 'ya, da kunyar da ke tattare da hakan, da yadda neman lada yake ba wa mace hanyar ɗaukar abin da kunya za ta hana ta. Duk wanda ya karanta sunayen nan uku ya san abin da binciken ya gano tun bai buɗe babin ba.

Tambayoyi biyu suna jiran irin wannan ɗaliba ranar kare kundi. Ta farko ita ce ko mutum 8 sun isa. Amsar da aka fi kawowa daga Afirka ta Yamma ta samo asali. A 2006 Greg Guest da Arwen Bunce da Laura Johnson sun buga nazarin hira 60 da aka yi da mata a Ghana da Nijeriya, suka nuna cewa kusan duk laƙubansu sun samu cikin hira 12 na farko, manyan jigogin ma sun fara bayyana tun a hira 6. Daga nan adadin 12 ya zama kamar doka a bakin mutane. Amma matan wancan bincike yanayinsu ya yi kama da juna, an kuma yi musu tambayoyi iri ɗaya, marubutan da kansu sun faɗi wannan iyaka. Braun da Clarke ma ba su yarda cewa akwai ranar da ma'ana take ƙarewa ba, tunda mai karatu ne ke gina ta. Amsar da ta fi gaskiya ita ce a nuna cewa tambayar ƙunƙuntacciya ce, hirarrakin masu zurfi ne, kuma kowane jigo yana tsaye kan maganar mutane da dama.

Ta biyu ita ce ko wani ya sake sanya laƙabin an ga sun dace. Akwai makarantar da ke buƙatar haka: a rubuta littafin laƙuba tun da wuri, mutum biyu su yi aiki kowa shi kaɗai, a auna dacewarsu da ma'aunin kappa wanda Jacob Cohen ya kawo a 1960. Wannan yana da amfani ga babbar tawaga mai hira ɗaruruwa. Hanyar Braun da Clarke ba ta tafiya da shi, domin dacewar mutum biyu tana nuna an horar da su iri ɗaya ne, ba ta tabbatar da cewa sun fahimci matan ba. A wurinsu amfanin mai karatu na biyu shi ne ya ga abin da na farko bai gani ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ambaci sunansu a babin hanyar bincike, sannan a kawo kappa a shafi na gaba. Ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya faɗi dalilinsa.

Saura rubutu. Raunin da aka fi gani a nan shi ne jera maganganun mutane ɗaya bayan ɗaya, da ɗan layi a tsakani mai maimaita abin da aka riga aka karanta. Idan mace ta ce "wa zan gaya wa na gaji", ba aikin mai bincike ba ne ya rubuta cewa ta nuna ba ta da wanda za ta gaya wa. Aikinsa ya nuna cewa "to ai uwa ce" ya zo daf da tambayar, cewa matsayin uwa ne ya rufe ƙofar, ya kuma kawo mace ta bakwai a gefe don a ga bambanci. Kada kuma mai daɗin baki ɗaya ta cinye babin, a riƙa ɗauko misali daga mata daban-daban. Ba a juya mutum 8 zuwa kashi cikin ɗari, ba a kuma cewa haka matan Kano suke. Yawan fitowar kalma ma ba shi ne nauyinta ba: kunyar wanka mata huɗu ne kawai suka taɓo ta, amma ta buɗe abin da ambaton kuɗi sau sittin bai buɗe ba.

Akwai haƙƙin matan da ya rage har shafin ƙarshe. Canja suna kaɗai ba ya ɓoye mutum a garin da kowa ya san kowa. Idan aka rubuta cewa mai maganar tela ce, yayyenta uku, mahaifiyarta ta kwanta bayan dawowa daga aikin Hajji, duk unguwar ta gane ta, yayyen ma sun gane. Ɗalibar ta cire unguwa, ta sauya sana'a da adadin 'yan'uwa inda hakan bai taɓa ma'ana ba, ta kuma faɗa a kundin cewa ta yi hakan. Jadawalinta da littafinta na gefe ta adana su, ta yadda duk malamin da ya ɗora yatsa kan jigo na biyu ya ce daga ina wannan ya zo, za ta iya bin sawunsa baya, daga jigo zuwa laƙabi, daga laƙabi zuwa shafi da layin da matar ta faɗe shi.